Wayarin ko digiri: ina ya kamata yaro ya nufa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama sakandare, ya ce shi wayarin zai koya, ba zai je jami'a ba. Wai mai wayarin ya fi mai digiri samu a yanzu. Haka ne?

Maman Ilham: Wallahi yaron ya yi tunani. Ɗana yana aji biyu aka shiga yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas yana zaune a gida. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, har yau babu aiki. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, mai wayarin kuwa a gida ɗaya zai sami ninkin wannan.

Usta Mai Waya: Hajiya, gaskiya ne a gida ɗaya ana samun ninkinsa, amma bari in buɗe muku lissafin. Mu da poyin muke ciniki, wato kowane soket, kowane suwic, kowane ƙwai poyin ɗaya ne. Gida mai ɗaki uku da falo zai kai poyin 60. Mu ɗauka an daidaita a naira 3,000 kowane, ka ga 180,000 ke nan. To ba a rana ɗaya ake karɓa ba. Kafin filasta za ka fasa bango ka binne bututu da akwatuna, a ba ka rabi. Sai ka jira mai gida ya yi rufi da fenti kafin ka zura waya ka ɗaura kaya, kuma idan kuɗinsa suka yanke jiran yana iya kai wata shida. A ciki za ka sallami yaranka, ka yi kuɗin mota. Wanda yake da gidaje uku a hannu yana cikin rufin asiri. Wanda bai yi suna ba yakan yi wata guda bai taɓa filaya ba. Shi kuma ƙanenka, shekarun koyo kuɗin abinci kawai zai riƙa samu.

Abban Sadiq: Ni dai ban yarda da masu wayarin ba. Wani ya yi mana aiki, da aka kunna hita sai soket ya narke.

Usta Mai Waya: Alhaji, wannan siririyar waya aka sa maka. Waya mai kaurin 1.5 ta ƙwai ce, soket 2.5, hita da na'urar sanyaya ɗaki 4 a layinsu daban. Idan ka taɓa soket ka ji ɗumi, ko ka ji ƙauri, kashe ka kira wani ya duba. Amma wannan laifin mutum ɗaya ne, ba na sana'ar ba.

Injiniya: Abin da ya sami Alhaji shi ne ainihin maganar. Tsakanin wanda zai ƙare a ɗan poyin da wanda zai girma, bambancin lissafi ne da takarda. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin ya koma sola. A ce gida yana jan wat 500 na awa takwas da dare, wat-awa 4,000 ke nan. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana riƙe 2,400, amma rabi kawai ake sha idan ana so ya yi ƙarko. Saboda haka batir huɗu ake buƙata. Wanda bai iya wannan ba biyu zai sa, wuta ta ɗauke tsakar dare, batir ya mutu da wuri, sunansa ya ɓaci a unguwa.

Maman Ilham: To ai wannan ba sai an je jami'a ba.

Injiniya: Haka ne Hajiya, amma sai an yi karatu. Yaron ya zana jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, daga mataki na uku har na ɗaya. Ya nemi shaidar NEMSA, wato hukumar da ke kula da ingancin aikin lantarki, don manyan ayyuka suna tambayarta. Idan ya yi NABTEB, wato jarrabawar kammala makarantun fasaha, ƙofar kwalejin fasaha da ta jami'a a buɗe suke gare shi. Sai dai akwai inda sana'ar take tsayawa. Zanen wutar asibiti ko masana'anta injiniya mai rajistar COREN, hukumar injiniyoyi ta ƙasa, ne yake sa hannu, kuma mai digiri a mataki na 8 yake fara aikin gwamnati, da fansho a gabansa.

Usta Mai Waya: Fansho kam ba mu da shi, kuma tsani ba ya son mai shekara hamsin. Shi ya sa masu hankalinmu suke tara yara su zama 'yan kwangila, ko su buɗe shagon kayan wuta a Sabon Gari. Amma Injiniya, nawa ne daga cikin 'yan ajinku suke sa hannun nan yau?

Injiniya: Kaɗan ne, Usta. Na yarda da wannan.

Baban Khalifa: Na gode muku. Yaron yana da ƙoƙari a lissafi, shi ne abin da yake damuna. Usta, in na kawo shi, za ka bar shi ya riƙa zuwa karatun yamma?

Usta Mai Waya: Kawo shi ranar Asabar mu ga hannunsa tukuna. Karatun yamma zan bari, amma ranar da muke zura waya ba na sakin kowa kafin magariba.