Neman kalma: me za mu kira "tirayangula abitirej" da Hausa?

Mai Shirin Kasuwa: Salamu alaikum jama'a. Don Allah a agaza min, jibi Alhamis zan ɗauki shirin kasuwanci a rediyo kuma baƙon da na gayyato malamin harkar kuɗi ne, ya ce zai yi magana kan abin da Turawa ke cewa tirayangula abitirej. Ni dai bakina ba zai iya maimaita wannan abu sau goma cikin minti talatin ba, masu sauraro ma kashe rediyon za su yi. Ina son kalma gajera wadda ɗan kasuwa zai ji ya gane. Me kuka gani?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Canjin kusurwa uku. Shi ke nan an gama.

Malama Mai Lissafi: Kusurwa ukun fassarar rabin farko ce kawai ai, rabi na biyun shi ne mai wuya. Canji kowa na yi, wanda zai tafi Umara ma canji yake yi. Abin da ake nufi a nan mutum ya gano farashin kuɗi uku sun saɓa wa juna, ya bi ta cikinsu ya dawo kan kuɗin da ya fara da su da ƙari. In ba a ji saɓanin a cikin sunan ba to an yar da ma'anar.

Baban Yara: Ai wannan shi ne abin da aka daɗe ana yi mana, a samu dala a farashin gwamnati a fito da ita kasuwar bayan fage a sayar, kafin Babban Banki ya haɗe farashin a watan Yuni na 2023. Ku ce cuwa-cuwar canji kawai kowa ya huta.

Malama Mai Lissafi: Baba ka kusa amma ba shi ba ne. Naka kuɗi biyu ne, naira da dala, a kasuwa biyu. Wannan kuwa kuɗi uku ne kuma yana iya faruwa a layi ɗaya ba tare da hannun gwamnati a ciki ba. Bari in buga misali, lambobin na ƙirƙira ne don lissafi ya fita tas, kar wani ya ce na faɗi farashin yau.

A ce dala ɗaya naira 1,500 ce. A ce kuma dala ɗaya sefa 600 ce. To da waɗannan biyun kaɗai an riga an yanke farashin na uku, ko an so ko ba a so ba: naira 1,500 da sefa 600 abu ɗaya suke saye, sai ka raba 1,500 gida 600, ya ba ka naira biyu da rabi kan kowace sefa, wato sefa 1,000 ta zama naira 2,500. Wannan shi ne farashin da ya kamata a gani. Sai ka je wajen wani ɗan canji ka tarar yana sayar da sefa 1,000 a naira 2,400. Nan saɓanin yake, sefa ta yi araha a hannunsa da naira ɗari.

Ka ɗauki naira 1,440,000 ka ba shi, ya ba ka sefa 600,000. Ka kai sefar inda ake ba da dala a 600, ka karɓi dala 1,000. Ka kai dalar inda ake saye a 1,500, ka karɓi naira 1,500,000. Ka fita da 1,440,000 ka dawo da 1,500,000, ribar 60,000 ke nan, kashi huɗu da ɗan ɗoriya cikin ɗari, kafin a cire kuɗin mota da na turawa da ladan wanda ya kai ka.

Mai Shirin Kasuwa: Malama Allah ya saka, wallahi yanzu ma na gane abin da baƙon nawa yake ta faɗa a waya. To sunan fa?

Kawu Na Gargajiya: Canjin murhu. Duwatsun murhu uku ne, in ɗaya ya fi sauran gajarta tukunya ta karkata miya ta zubo, mai wayo ya tara kwano. Ina jin duk ƙasar Hausa babu wanda bai san murhu ba. Ku riƙe wannan, shekara goma nan gaba za ku ji shi a bakin 'yan jarida.

Ɗan Fagge: Kawu in aka ce canjin murhu a rediyo wallahi mata za su ɗauka tallar risho ake yi, a bar itace a koma gas.

Kawu Na Gargajiya: Kai yaro ne. Kowace kalma da haka take farawa. Wa ya san "na'ura mai ƙwaƙwalwa" kafin a fara faɗa?

Ɗan Fagge: Ita ma ai kwamfuta ta kashe ta Kawu.

Na Maraɗi: Ni tambaya gare ni Malama. Kin ce dala ɗaya sefa 600, to wace dalar? Don mu nan dala sefa 5 ce, in ka ce wa mai shago dala ashirin sefa 100 kake nufi. In shirin nan ana jinsa har wajenmu, kuma ana ji, sai a ce dalar Amurka a cike, in ba haka ba tsoho zai ji an ce dala ɗaya 600 ya ce rediyo ta haukace. A lissafinmu dalar Amurka ɗaya a misalinki dala 120 ce. Sefa 1,000 kuma jikka muke cewa.

Mai Shirin Kasuwa: Kai wannan na rubuta shi, na gode ɗan uwa. Da na yi abin kunya.

Alhajin Wapa: Na karanta duka. Malama lissafinki daidai ne a allo amma ba a taɓa yin farashi ɗaya a kasuwa ba, kowane ɗan canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa, kuma kai mai zagayawa kullum kana cin mara daɗin ne. In za ka sayi dala a hannuna zan ba ka a mai tsada, in ka kawo min zan karɓa a mai araha, da me zan ci abinci in ba haka ba. To mu maimaita naki. Sefa 600,000 ɗin nan ka kai, mai dala ya ce shi 605 yake sayarwa ba 600 ba, ka samu dala 991 da ɗan ɗoriya. Ka kawo Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, a ce 1,490 ake saye ba 1,500 ba, ka tashi da wajen naira 1,477,700. Riba ta faɗo daga 60,000 zuwa 37,700 ko kusa, ba ka ma hau mota ba tukuna. In kuma mai dalar ya ce 625, dala 960 za ka samu, sau 1,490 ya zama 1,430,400, ka ci uwar kuɗi. Yara da yawa a nan suke ƙonewa, su kalli farashin tsakiya a waya su ɗauka shi za a ba su.

Sannan hanya ma ana ɓata ta. In ka bi ta baya, ka fara sayen dala 1,000 da naira 1,500,000, ka mai da ita sefa 600,000, ka kai wa mai 2,400 ɗin nan, naira 1,440,000 zai ba ka, 60,000 ɗin ta zama asara. Wanda ya yi araha shi ake fara saye, ba shi ake kaiwa a sayar ba.

Malama Mai Lissafi: Gaskiya ne Alhaji. Sai dai a aji mukan fara da farashi ɗaya don a ga saɓanin tukuna, ratar saye da sayarwa muna sa ta cikin ɗawainiya ne daga baya.

Alhajin Wapa: A'a Malama, rata ba ɗawainiya ba ce, ita ce farashin kansa. Kuɗin mota ɗawainiya ne. In kika ce wa mutum ribarsa kafin ɗawainiya 60,000 ce alhali babu wanda zai taɓa ba shi wannan farashin, kin yaudare shi ba da niyya ba.

Malama Mai Lissafi: Littattafan ma wasu da farashi ɗaya suke yi wasu da biyu. Mu bar shi haka, mai shiri ya faɗi wanne yake nufi.

Mai Kishin Harshe: Duk kun bar ƙafa kuna dukan inuwa. Canji kalmar Turanci ce, an ce a nemo Hausa kun dawo da Turanci sanye da babbar riga. Musaya muke da ita. Musayar alwatika. Mu ne kullum raina namu, Balarabe ba ya haka, Bafaranshe ba ya haka.

Ɗan Fagge: To ranka ya daɗe farashi fa, da banki, da sefa, su ma mu kore su? Riba ma daga Larabci ta zo. Je ka Wapa ka ce kana neman 'yan musaya ka ga ko wani zai ɗaga kai.

Mai Kishin Harshe: Don jahilci ya yi yawa ba ya zama ilimi.

Alhajin Wapa: Mu ne jahilan ke nan? To madalla.

Kawu Na Gargajiya: Shi ya sa na ce murhu, babu Turanci babu Larabci.

Na Maraɗi: Ku bar faɗan. Wani abu da baƙon zai iya kawowa: sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi a banki. Saboda haka in ka san yuro nawa take a dalar Amurka ka riga ka san dalar a sefa. Yuro in tana 1.10, raba 655.957 da 1.10, wajen 596 ke nan. Duk wanda ya faɗa maka abin da ya yi nisa da wannan to ko dai takardar dala ta yi wuya a garin ko yana gwada ka ne.

Baban Yara: To me ya hana mutum ya zauna da waya yana ta zagayawa ya yi kuɗi?

Malama Mai Lissafi: A manyan kasuwannin duniya, irin yuro da dala da yen na Japan, kwamfutocin bankuna ne ke gadin abin, saɓanin ƙanƙani ne kuma sau da yawa ba ya kai daƙiƙa ɗaya sun cinye shi. Kuma cin nasa ne ke rufe shi, ana ta sayen sefar mutumin nan a 2,400 ai zai farga ya ɗaga. A kasuwar hannu yana daɗewa ne saboda nisa da boda da kuma mai arahar ba shi da yawa, ka zo da miliyan goma ya ce sefa 200,000 kaɗai gare shi. Kafin ka isa ƙafa ta uku ma farashi ya motsa.

Mai Shirin Kasuwa: Jama'a dare na yi. Ga abin da nake da shi: canjin kusurwa uku, canjin murhu, musayar alwatika. Ni kuma jin bayanin Alhaji da Malama sai "zagayen kuɗi uku" ya zo min, tunda inda ka tashi nan kake dawowa.

Malama Mai Lissafi: Ya fi sauran. Amma har yanzu saɓanin bai fito ba. Cin ratar kuɗi uku fa?

Alhajin Wapa: Rata a wajenmu ita ce tsakanin saye da sayarwa, in kika ce cin rata sana'armu ta kullum kika faɗa. Mu dai in yaro ya yi irin wannan cewa muke ya juya kuɗi, ba mu taɓa raɗa masa suna ba.

Mai Shirin Kasuwa: To zan ce zagayen kuɗi uku, karon farko in ƙara da "don cin saɓanin farashi", daga nan in ci gaba da zagaye kawai.

Mai Kishin Harshe: Aƙalla babu canji a ciki. Farashin ma da an sa "tamani" da ya fi, amma ku yi yadda kuka ga dama.

Kawu Na Gargajiya: Ka dai ambaci murhun ko sau ɗaya ne, ka ji abin da masu kiran waya za su ce.

Mai Shirin Kasuwa: Sai in lokaci ya rage Kawu. Alhaji don Allah duba saƙonka, ina son lambobin 605 da 1,490 ɗin nan a rubuce kafin gobe da azahar.