Intabiyu ta bidiyo: ina ake sa ido, da me ake buɗe baki?

Autar Mama: Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Talata ina da intabiyun aikin akanta ta Zoom. Na gwada da ƙawata, ta ce wai ƙasa nake kallo, alhali fuskarta nake kallo. Waɗanda suka taɓa yi, ya kuka yi? Kuma in an ce in gabatar da kaina, da me zan fara?

Mai Hoto: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ƙawarki ta faɗa. Idon kyamara yana can saman laftof, fuskar mutum kuma tana ƙasa da shi, to duk lokacin da kika kalli fuskar, a wajensu kin sunkuyar da ido. Ki jera littattafai a ƙarƙashin laftof ɗin har kyamarar ta zo daidai idonki. In tana ƙasa, haɓa da silin za su riƙa gani. Ki zauna nesa da ita kamar tsawon hannu, hoton ya kama daga ƙirji zuwa sama, ki bar fili kamar yatsa uku tsakanin ɗankwalinki da bakin allon. Sai ki rage girman Zoom ɗin, ki ja shi sama ya zauna dab da kyamarar. Ta haka ko kin kalli fuskarsu idon bai yi nisa ba.

Baban Sadik: Ni da na yi tawa, takarda na manna kusa da kyamara na zana kibiya, ban ɗauke ido daga wajen ba har aka gama. Haka ake so.

Mai Hoto: Kibiyar dabara ce mai kyau, Malam, amma ƙura ido tun daga farko har ƙarshe yana sa mutum ya sandare. In kana magana kalli kyamara, in suna magana kalli fuskarsu, don a nan za ka gane an gamsu ko ana jiran ƙari.

Maman Ilham: Ni da waya na yi. Abin da ba a faɗa shi ne, in ka kwantar da waya a kwance, kyamarar ta koma gefe, sai ka ga kamar ƙofa kake leƙe. Ki nemo ɗan ɗigon kyamarar kafin a fara. Kar ki riƙe ta a hannu, ki jingina ta. Abin da ya fi damuna kuma kallon kaina, ina ta gyaran mayafi, sai da aka nuna min Hide Self View. Su suna ganinki, ke ba kya ganin kanki.

Ɗan Sabon Gari: Ku bar batun kyamara, shiga ita ce magana. Farar shadda na sa, sabon ɗinki.

Mai Hoto: Ba shi ta tambaya ba, amma tunda ka kawo: fari tas yana sa kyamara ta rage haske da kanta, fuska ta yi duhu, balle mu baƙaƙe. Taga a bayan mutum ma haka take yi. Ki fuskanci tagar, ƙanwata.

Anti Ma'aikaciya: Ina cikin masu yi wa mutane intabiyu a wurin aikinmu. Yawanci sai su faro daga garin haihuwa da firamare, kafin a iso aikin hankalinmu ya tafi. Jimlar farko ta ɗauki suna, sana'a, da abu ɗaya da ya shafi gurbin. Misali: "Sunana wance, akanta ce ni, shekara uku ina riƙe da lissafin albashi da harajin wani kamfanin rarraba kaya." Ki ɗan tsaya, sannan ki kawo aiki ɗaya da kika yi da hannunki, ki rufe da dalilin neman wannan gurbin. Minti ɗaya ya isa. Jimlar farkon kawai za ki haddace, ki faɗe ta kina kallon kyamara. Mai karantawa daga allo muna gane shi, idonsa yana bin layi. Kuma in an gama tambaya ki ɗan jinkirta, murya tana makara a netwok, kar ku yi karo.

Baban Sadik: Anti, ba gaisuwa? Ni ba zan iya faɗa wa manya sunana tsirara haka ba.

Anti Ma'aikaciya: An riga an gaisa da aka shigo ai. "Na gode da wannan dama" ya wadatar.

Baban Sadik: Ya danganta da waɗanda ke zaune. Masu tawa dattawa ne, sai da muka tambayi iyali.

Autar Mama: Na gode ƙwarai. Ni kallon babba ido cikin ido ne yake min nauyi, ba haka aka tashe mu ba. Yau da dare zan ɗauki kaina in gani. Yaya Mai Hoto, ina sa gilashi, hasken tagar ba zai haska a ciki ba?

Mai Hoto: Zai iya. Ki ɗan juya, tagar ta koma gefenki kaɗan, ki rage hasken allon, sai ki turo mu gani.