Wane suna za mu ba FAQ da Hausa?

Mai ɗinki, Jekadafari: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinkin mata a nan Gombe, kuma na tattara tambayoyin da masu kawo ɗinki suke turo mini ta WhatsApp, na haɗe waɗanda ma'anarsu ɗaya ce, har tambayoyi 40 suka koma 7. Misali, "turmi ɗaya zai ishe ni?" da "yadi nawa zan sayo?" duk amsarsu guda ce, wato turmin atamfa yadi 6 ne, yana fitar da riga da zani da ɗankwali idan ɗinkin ba mai cin yadi ba ne. Ina so in riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya, amma ba na son rubuta FAQ, wato gajeren sunan da ake ba irin wannan jeri da Turanci, a kansu, domin yawancin masu kawo mini aiki ba su san shi ba.

Mai sayar da turare, Pantami: Hajiya, ki sa "Tambaya da Amsa" kawai, kowa ya san shi.

Malamin Hausa, Bauchi: Wa alaikumus salam. "Tambaya da Amsa" yana da sauƙi, sai dai duk wanda ya gan shi zai ɗauka fili aka buɗe domin ya aiko da tasa, alhali manufar Hajiya ita ce a daina maimaita mata tambayar da ta riga ta amsa. Na fi son "Tambayoyin da ake yawan yi", kuma na zaɓi "ake" a kan "aka" saboda tambayoyin ba su ƙare ba, gobe ma za a sake yin su. Wannan sunan jerin ne gaba ɗaya. Kowace fitowa kuwa tambaya guda take ɗauke da ita, don haka sai a buɗe ta da "Ana yawan tambaya:", a biyo da tambayar yadda mai ita ta faɗe ta, bayan an cire sunanta.

Ɗalibi, Kumo: Malam, ni a ganina "takardar jin ra'ayi" ta fi dacewa, tunda daga wurin mutane aka karɓo.

Malamin Hausa: Waccan mai shago ne yake tambayar jama'a, a nan kuwa jama'a ne suke tambayarsa.

Mai sayar da turare: Na yarda, Malam, amma sunan ya yi tsawo a kan hoto. Ni da na gwada, tambayar farashi ce ta dame ni, domin ana ta nuna mini tsohuwar amsa bayan kaya sun tashi.

Mai ɗinki: Na ɗauki "Ana yawan tambaya", kuma duk amsar da ta shafi kuɗi ko ranar rufe karɓar ɗinkin sallah zan sa mata kwanan wata. Abin da ya rage shi ne lambar, ko in rubuta "fitowa ta 1" ko "tambaya ta 1".