Ofishin haraji na neman bayani kan kuɗin da suka shiga asusuna

Assalamu alaikum. Ina dillancin albasa a kasuwar Mile 12. Ofishin haraji ya aiko min da takarda: a 2023 naira miliyan 38 sun shiga asusuna, ni kuma miliyan 6 na bayyana a matsayin abin da na samu. Sun ce in yi bayani a rubuce.

Miliyan 27 daga ciki ba nawa ba ne. Kuɗin manoman Aliero ne, in na sayar musu da kaya sai in cire la'adata in tura musu sauran. Miliyan 5 kuwa rance ne daga yayana.

Na kai takardar bayanin asusu daga banki, na ja layi a kan duk shiga da fita. Ba ta wadatar ba, domin yawancin masu saye ta hannun masu POS suka biya, sunayensu ba su fito ba. Rancen ma ba mu rubuta komai ba, tsakanin wa da ƙani wa ke rubutu? Littafin cinikina ne kawai, shi ma babu sa hannun kowa.

Don Allah, wace shaida zan haɗa da amsata da za ta nuna miliyan 32 ɗin nan ba riba ba ce?