Kwas ɗin Turanci ko na kwamfuta, wanne zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da babbar difloma a fannin akanta, na kuma gama bautar ƙasa shekara biyu da suka wuce, amma har yau ban samu aiki ba. Kuɗin hannuna na kwas ɗaya ne na wata uku. Turancina yana sarƙewa a gaban masu intabiyu, kwamfuta kuwa iyakata buga wasiƙa. Wanne za ku ba ni shawarar in fara?

Baban Khadija: Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe a ofishin lissafi na wani kamfanin sari a Kano, kuma idan za mu ɗauki akanta, kafin doguwar hira sai mu ajiye masa kwamfuta mai ɗauke da cinikin wata guda, layi kamar 200, mu ce ya fitar mana da jimillar kuɗin shinkafa kaɗai. Wanda ya iya Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, idan sunayen kaya suna sahun A, kuɗinsu kuma suna sahun C, zai rubuta wannan, ya gama cikin minti ɗaya:

```
=SUMIF(A2:A200,"shinkafa",C2:C200)
```

Wanda bai iya ba sai ya ciro kalkuleta yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, kuma daga nan mun gane. Mukan yi haƙuri da mai in'inar Turanci muddin lissafinsa ya fita daidai, amma ba ma ɗaukar wanda sai mun koya masa aikin. Saboda haka ka fara da kwamfuta. Sai dai kafin ka biya, ka je makarantar da kanka ana tsakiyar darasi, ka ƙirga ɗalibai nawa ne a kan na'ura ɗaya, ka tambaya ko suna da sola ko janareta, sannan ka nemi sanin mako nawa suka ware wa Excel. Idan makonnin farko duk tarihin kwamfuta ne a kan allo, to takardar shaida kawai za ka saya.

Maman Amira: Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, Yaya. Ni na iya kwamfuta sosai, amma sau biyu ina faɗuwa a wata ƙungiyar agaji saboda an ce in rubuta rahoto na shafi ɗaya da Turanci na kasa. A irin waɗannan wurare rubutu ne rabin aikin, don haka ya duba inda yake kai takardunsa tukuna.

Ɗan Zariya: Ka rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS kawai, duk duniya an san ta.

Baban Khadija: Wannan jarrabawa ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje ce, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin abin da ya ambata. Maganar Maman Amira kuwa tana kan hanya. Ƙanena, kamfanonin kasuwanci kake nema ko ƙungiyoyin agaji?

Mai tambaya: Duka biyun nake kai wa, Yaya, amma sau uku da aka kira ni, biyu kamfanonin kasuwanci ne.