Ƙosaina ba ya tashi: a ƙullu matsalar take ko a wuta?

Amarya daga Gusau: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Sau uku ke nan ina yin ƙosai a gidana, kuma duk sau ukun ya fito a baje, ya sha mai, cikinsa a cunkushe. Nakan jiƙa wake gwangwani huɗu tun dare, da safe in wanke in aika inji tare da attaruhu da albasa, idan an dawo da shi in zuba gishiri in fara suya. Ina roƙon waɗanda suka saba su faɗa mini yadda suke yi, domin maigida ya fara tambaya ko a koma saye a bakin titi.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ni ma na sha wannan wahala, kuma abin da ya cece ni shi ne bakin foda. Ina zuba rabin ƙaramin cokali a ƙullun gwangwani huɗu, in fasa ƙwai ɗaya, sai ya tashi. Batun jiƙo kuwa, a ganina ba shi da laifi, domin idan wake ya kwana a ruwa ya fi laushi a inji.

Hajiya Babba, Zariya: 'Yata, na yi shekaru ina sayar da ƙosai a ƙofar gida kafin ƙafa ta hana ni zama a gaban murhu, kuma ban taɓa zuba komai a ƙullu ba sai attaruhu, albasa da gishiri. Maman Hanifa ta yi gaskiya cewa bakin foda yana kumbura shi, amma a kan jiƙo ban yarda da ita ba. Waken da ya kwana a ruwa ya riga ya sha ya ƙoshi, sannan mai inji ya ƙara masa nasa ruwan, to daga nan ƙullun ya tsinke. A lokacin zafi ma yakan fara tsami kafin a kai shi inji. Ni wanke wake nake yi, ba jiƙa shi ba: minti goma a ruwa ya isa ɓawon ya saki, sai a surfa a turmi a hankali, a wanke har ɓawon da baƙin hancin su fita. Idan waken tsoho ne mai tauri, bayan an wanke sai a bar shi a ruwa kamar rabin awa zuwa awa guda, ba fiye ba.

Abin da na lura babu shi sam a bayaninki shi ne bugu. Kin ce ana dawowa daga inji kike fara suya, alhali ƙosai iska ce take tayar da shi, kuma hannu ne yake shigar da iskar. Ki zuba ƙullun a roba mai faɗi ko a turmi mai tsabta, ki riƙa bugawa da muciya ta fuska ɗaya, kina ɗago shi daga ƙasa zuwa sama, har tsawon minti goma ko sha biyar. Za ki ga launinsa ya yi haske, ya ƙaru a cikin robar, kuma muciyar ta daina yi miki nauyi. Idan kina shakka, ki ɗiga ɗan kaɗan a kofin ruwa. Idan ya yi iyo a sama ya bugu, idan ya nutse ko ya watse sai ki ci gaba.

Kaurin da ake so shi ne wanda idan kin ɗebo da cokali kin karkata, zai ɗan tsaya sannan ya faɗo a dunƙule. Idan yana zuba kamar koko ruwa ya yi yawa, idan kuma sai kin tura shi da yatsa kafin ya bar cokalin to ya yi tauri, ƙosan zai fito da nauyi. Na biyun yana da magani, domin sai ki ƙara ruwan ɗumi cokali-cokali kina bugawa, amma na farkon gyaransa da wuya. Saboda haka kada ki aika yaro inji shi kaɗai, ki je ko ki aika babba ya tsaya a kan mai injin, kuma a tabbatar an wanke injin idan geron koko aka markaɗa kafin naki.

Baban Khalil: Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya. Ni namiji ne amma na koyi suyar ƙosai lokacin da nake makaranta, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne wuta. A kan gas nakan bar mai ya yi zafi har ya fara hayaƙi, sai ƙosan ya yi ja cikin ƙasa da minti guda, in fasa in tarar da ɗanyen ƙullu a tsakiya. Daga baya na sami ma'aunin zafi, na ga cewa tsakanin digiri 170 da 180 na Celsius ne yake ba ni abin da nake so. Ga wanda ba shi da ma'auni, sai ya jefa yankan albasa ko ɗigon ƙullu: idan ya nutse ya taso nan take yana ƙananan kumfa, man ya yi, idan ya zauna a ƙasan kasko, da saura, idan ya yi baƙi nan da nan, a rage wuta. Haka nan mai ya zama da zurfin da ƙosan zai yi iyo, domin idan ya taɓa ƙasan kasko bajewa yake yi. Kuma kada a cika kaskon, saboda kowane cokalin ƙullu yana rage zafin man, shi ya sa zubi na biyu yakan fi na farko shan mai idan ba a ɗan jira ba.

Anti Ladi: Ni kam nawa yakan yi ruwa a tsakiya ko da na bar shi a tukunya awa guda, musamman idan na ƙulla a leda maimakon gwangwani. Ko manjan ne yake yi mini yawa?

Maman Hanifa: Anti, wannan ai alale kike nufi, a nan maganar ƙosai ake yi. Amma ina da tambaya ga Hajiya game da gishiri, domin ni tun a farko nake zubawa kuma ban ga illa ba.

Hajiya Babba, Zariya: Ke da kike yin na gida, kina gama bugu kina soyawa, ba lallai ki ga bambanci ba. Ni da nake ajiye ƙullun kwano guda daga asuba zuwa hantsi, na ga yadda gishiri yake sa ya saki ruwa ya kwanta, don haka nakan ɗebi wanda zai cika kasko ɗaya a ƙaramin kwano, in sa masa gishiri da yankakkiyar albasa, in sake bugawa kaɗan, in soya.

Baban Khalil: Na gwada duka biyun a ƙullu kaɗan ban iya rarrabewa ba, amma ban taɓa ajiye shi fiye da minti ashirin ba.

Amarya daga Gusau: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yau na wanke waken da safe, na je injin da kaina, na buga har hannuna ya gaji, kuma ɗigon ya yi iyo a kofi. Zubi biyu na farko sun tashi da kyau, cikinsu kamar soso. Na ukun ya ɗan baje ya sha mai, kuma ina zargin ko dai ban jira man ya sake zafi ba, ko kuma gishirin da na zuba wa ƙullun gaba ɗaya ne. Gobe zan raba ƙullun gida biyu, in sa wa ɗaya gishiri tun farko, in bar ɗayan sai bakin kasko.