Kawu a takarda ko Yaya a bakin tukunya: wa za a rubuta a sashen shugabanni?

Autan Hajiya: Salamu alaikum. Ni da yayata muna gumin shinkafa a Kura, muna son neman bashin banki mu sayi injin cire tsakuwa da ƙaramin injin casa. Na iso gurin da aka rubuta "Management Team" a takardar tsarin kasuwanci, na tsaya cak. Ni difloma gare ni, ban taɓa aikin ofis ba. Yaya firamare ta tsaya, amma shekararta 11 tana gumi. Wanda ke buga mini takardar ya ce in cire ta, in sa kawunmu da ya yi ritaya daga ma'aikatar gona a matsayin darakta, ni kuma in ce na yi manaja shekara 5. Wai kowa haka yake yi. Gaskiya ne?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Mutumin nan bai yi maka ƙarya ba, ƙanena. Jami'in banki takardu ne jibge a gabansa, ba shi da lokacin jin tarihin tukunya. Idonsa na neman digiri da muƙami. Da ya ga "firamare" ya ture takardar gefe. Ka sa Kawu, ai ba baƙo ba ne, kuma aikin gona ya yi. Shekara biyar ɗin ce dai ka rage ta zuwa uku, kada ta yi yawa.

Baba Akanta: Ɗan Birni, na yi shekaru ina duba irin waɗannan takardu kafin in ajiye aiki, kuma rabin maganarka na yarda da shi. Ba a karanta sashen nan da natsuwa a karon farko, gaskiya ne. Amma akwai karo na biyu, ranar da jami'i zai ɗauko mota ya zo ya ga wurin da idonsa. Zai tarar da mace tsaye kan tukunya tana ba yara umarni, ya tambaya ina darakta, a ce yana gida. Zai tambayi "manajan" buhun shanshera nawa ke ba da buhun gyararriya nawa, shi kuma ya waiga ya kalli yayarsa. A nan takardar ta mutu, kuma ba wanda zai gaya muku dalili.

Sannan kalmar darakta ba ado ba ce. In rajistarku a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta sunan kasuwanci ce kawai, ba ku da darakta ma sam, masu mallaka gare ku. In kamfani ne, sunan daraktoci na cikin rajista, banki kuma zai ciro ya gwada da abin da kuka rubuta. In kuwa kun shigar da Kawu da gaske, za a nemi BVN ɗinsa, a duba tarihin bashinsa a wurin kamfanonin da ke ajiye bayanan masu karɓar bashi, galibi kuma a ce ya sa hannu ya tsaya wa bashin. In yana da tsohon bashin da bai biya ba, ya ja ku ƙasa. In ba shi da shi, kun rataya wa dattijo nauyin da bai san da shi ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ma halatta wa mutum ɗaya ya buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai, don haka babu wata doka da ta tilasta muku aron mutum.

Mai Kaji: Ni ban ga matsala ba. Ai dole sai da mai tsaya maka. Lokacin da na nemi nawa sai da na kawo ma'aikatan gwamnati biyu. Ka sa Kawun kawai.

Anti Malama: Mai Kaji, ba garanto yake tambaya ba. Wancan fom ne daban. Wannan wurin na masu riƙe da aikin ne kullum. Auta, abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce a cire matar da ta kafa sana'ar don ba ta da satifiket. Ka gaya mana tukuna, me kuke yi a mako, kuma me ka rubuta za ku yi in injin ya zo?

Autan Hajiya: Anti, in da kaya muna yin buhu 30 na shanshera a mako, mai kilo 100. Mata 6 ke taya Yaya, sai yara 3 masu shanya. Casa muke kaiwa injin haya. Ni ke sayo kaya, in kai wa 'yan kasuwa a Kano, in karɓo kuɗi. Shekara 3 ke nan ina yi. A takardar na rubuta za mu koma buhu 150 a mako.

Baba Akanta: Madalla, yanzu muka zo wurin. Yarona, abin da zai tsorata mai karatu ba firamaren yayarka ba ce, tsalle daga 30 zuwa 150 ne. Ninki biyar ke nan. Sashen shugabanni aikinsa ya amsa wannan tambaya: su wane ne za su ɗauki nauyin nan, kuma me suka taɓa ɗauka mai kama da shi? Kawu ba ya amsa ta, ko da digiri uku gare shi.

Ga yadda zan rubuta na yayarka, a Hausa, kai ka juya. "Mai kula da sarrafawa, kuma mai kaso kaza a kasuwancin. Ta fara gumi shekara 11 da suka wuce da tukunya ɗaya, yanzu tana sarrafa tan 3 na shanshera a mako da ma'aikata 9. Ita ke zaɓen shanshera, ta tsayar da lokacin jiƙo da turarawa da shanya. A kowane kilo 100 tana fitar da kimanin kilo kaza na gyararriya." Wannan "kaza" na ƙarshe ka je ka auna, kada ka ƙirƙira. Abin da aka saba gani tsakanin 60 da 65 ne ko ɗan sama. In naku 62 ne, tan 3 zai ba da kilo 1,860, wato buhu 37 mai kilo 50 da ɗan ragowa. Wanda ya san harkar yana ganin lambar nan zai gane da masana yake magana. In ka rubuta 80 kuma, zai gane akasin haka.

Naka kuma kada ka ce manaja shekara 5. Ka ce shekara 3 kana saye da sayarwa, kana da 'yan kasuwa kaza da ke karɓar kaya a kai a kai, ga bayanin asusun banki na wata 12 da ke nuna shigar kuɗinsu. Diflomar ta zo a layin ƙarshe. Abin da za a iya dubawa a tabbatar shi ake sa wa gaba.

Bayan haka sai layi biyu ko uku kan abin da ba ku taɓa yi ba. Ba ku taɓa riƙe inji ba, ba ku taɓa ajiye littafin lissafi irin wanda banki ke so ba. Kowanne ka haɗa shi da maganinsa: za a ɗauki direban inji da ya yi aiki a injin casa, albashinsa kaza, kuma albashin ya fito a lissafin kashe kuɗi. Wannan na jaddada, don na sha ganin an yi alkawarin ɗaukar akanta da injiniya a shafi na 6, ka je shafin lissafi ba kobonsu.

Ɗan Birni: Baba, da girmanka, nan ne na rabu da kai. Lambobin na yarda, sun fi muƙami ƙarfi. Amma mutum ya ɗauki biro da hannunsa ya rubuta "ba mu taɓa riƙe inji ba"? Ai ya miƙa wuƙar da za a yanka shi. Jami'in da ke neman hujjar da zai rage takardun gabansa, ka ba shi ita a faranti. A rubuta za a ɗauki direban inji, a yi shiru da sauran. Mai hankali ya gane.

Baba Akanta: Ba mu yi nisa da juna ba. Ban ce ya yi kuka a takarda ba. Amma jami'in shi ma yana da na sama da shi, kuma zai rubuta musu haɗarin da ke cikin bashin. In ku kuka ambaci giɓin da maganinsa, kwafa zai yi. In shi ya gano da kansa, giɓin kaɗai zai rubuta.

Ɗan Birni: In ka dace da jami'i irinka ke nan. Ba duka ba ne.

Mai Kaji: To ni duk gaskiyar nan na faɗa, Allah shaida. Na rubuta shekarata 4 ina kiwo, na kai musu littafin mace-macen kaji da na abinci. Aka yaba, aka ce ba ni da kadarar jingina, shi ke nan. Wani da na sani ya cika takarda da sunayen 'yan uwa, yana da takardar fili, ya samu.

Anti Malama: Allah ya musanya maka, Mai Kaji. Amma filin ne ya ba shi, ba sunayen ba. Sashen nan ba ya maye gurbin jingina, ko wa ya rubuta shi. Inda yake da nauyi sosai shi ne wurin masu ba da tallafi, irin gidauniyar Tony Elumelu mai ba da dala 5,000, don su ba fili suke kallo ba, mutumin suke kallo.

Auta, akwai abin da ban ji an taɓo ba. Duk ingancin shinkafar nan a kan yayarka yake. Ranar da ta haihu ko ta kwanta ciwo wata biyu fa? Cikin matan nan shida akwai wadda ta iya gane jiƙo ya yi ba sai an gaya mata ba? In akwai, ka sa ta a takardar a matsayin mataimakiya, da shekarunta. Kuma Kawu ba sai an jefar da shi ba. In da gaske zai riƙa zama da ku sau ɗaya a wata ya duba littafi, ko ya haɗa ku da manoman Kadawa, ka sa shi mai ba da shawara, ka faɗi abin da zai yi, bayan ka nemi izininsa.

Autan Hajiya: Akwai ɗaya, shekararta 7 tare da Yaya. Na gode Anti. Amma Baba, ga wata matsala. Kusan rabin cinikinmu kuɗi hannu ne, wani kuma ta asusun mai POS ɗin unguwarmu yake biyowa. Bayanin asusuna ba zai nuna buhu 37 a mako ba.

Baba Akanta: To kada ka rubuta lambar da asusun zai ƙaryata ba tare da bayani ba. Mai injin hayar da kuke kai wa casa yana rubuta buhunan kowa don lissafin kuɗinsa, ka roƙe shi ya ba ka takarda. Manyan masu sayenku biyu ko uku su rubuto wasiƙa. Daga wannan makon kuma kowane ciniki ya shiga asusun kasuwancin. Ni da zan ba ka shawara, ka jinkirta wata 6 asusun ya cika, ka kuma sauko da 150 ɗin zuwa 60 ko 70 a shekarar farko.

Ɗan Birni: Wata shida? Kaka ta wuce, shanshera ta yi tsada, kuɗin injin ma ya tashi. Ya shigar yanzu da wasiƙun.

Autan Hajiya: Zan yi magana da Yaya da daddare. Gobe akwai casa, zan tafi da sikeli in auna abin da buhu 10 zai bayar, in kawo muku lambar.